HDR a monita: a kashe shi, a riƙa kunnawa sai da dalili, ko a bar shi a kunne?

Mutum zai sayi monita mai tambarin HDR a jikin kwali, wato tsarin hoto mai faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu, ya jona ta da kwamfuta, ya kunna `Use HDR` a Windows, sai ya ga hoton ya fi muni a kan yadda yake a da. Fari ya dushe, baƙi ya koma toka-toka, launuka sun koɗe kamar tufar da ta sha rana. Yawanci monitar lafiyarta ƙalau. Matsaloli biyu ne daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, dushewa da koɗewa, kuma kowacce da sababinta. Sai an raba su kafin a san wanne ya dace da monitar da ke gaban mutum cikin zaɓi uku: a kashe HDR gaba ɗaya, a riƙa kunna shi lokacin fim ko wasa kaɗai, ko a daidaita shi a bar shi a kunne kullum.

Mu fara da dushewa, domin ita ce ta fi ruɗa mutane. Ana auna hasken allo da nit, wato kandela ɗaya a kowace murabba'in mita. A tsarin da muka saba da shi, SDR, siginar da kwamfuta ke turawa ba ta faɗin nit nawa take so. Cewa kawai take yi wannan ɗigon fari ne tas, wancan rabin fari ne, monita kuma ta ba da gwargwadon inda ka ajiye maɓallin haske. Asalin ma'aunin sRGB nit 80 ne, finafinan SDR kuma a kan nit 100 ake tace su, amma mutane da yawa suna amfani da monitarsu a nit 250 zuwa 300, saboda haka ido ya saba da hoton da aka ɗaga ninki biyu ko uku bisa yadda aka yi shi.

HDR10, nau'in siginar HDR da aka fi amfani da shi, ba haka yake aiki ba. Yana amfani da wani lissafi da ake kira PQ, wanda ma'aunin SMPTE ST 2084 ya tsara, kuma a cikinsa kowace lamba tana nufin takamaiman haske, tun daga sifili har nit 10,000. Idan sigina ta ce nit 100, to monita nit 100 za ta bayar, ko da tana iya ba da 1,000. Shawarar ITU-R BT.2408 ta ajiye farin takarda ko farar riga a wajen nit 203, fuskokin mutane da bango da ciyawa duk suna ƙasa da haka, finafinai da dama ma ƙasa sosai. Abin da ke sama da 203 an tanade shi ne don ƙyallin rana a kan ruwa, fitilar mota, harshen wuta, walƙiya. Kuma a ɗaki mai duhu ake tace waɗannan finafinai, inda hasken da ke kewaye da allo bai wuce nit 5 ba. To wanda ya saba da nit 300 a ɗaki mai taga a buɗe, idan ya kunna fim ɗin HDR, dole ya ga ya dushe, alhali monitar tana yin daidai abin da aka umarce ta. Maganin wannan labule ne da kashe fitila, domin a yawancin monitoci maɓallin haske ma kulle shi ake yi da zarar an shiga HDR.

Koɗewa kuwa kusan ko da yaushe alama ce ta cewa wani abu bai daidaita ba, ko kuma allon ba shi da ƙarfin abin da ake nema a wurinsa. A nan ne irin monita ke yanke hukunci.

Iri uku na monita, da abin da kowacce ke iyawa

Ta farko, wadda ta fi yawa a hannun mutane, ita ce LCD mai fitila ɗaya a bayan allo, galibi da tambarin `DisplayHDR 400` na ƙungiyar VESA, ko ma rubutun `HDR10` kawai, wanda ba ya nufin komai sai cewa monitar tana karɓar siginar. Lissafinta mai sauƙi ne. Allon IPS yana da tazarar kusan 1,000 da 1 tsakanin farinsa da baƙinsa. Idan kana aiki a nit 120, baƙin yana nit 0.12. Da ka kunna HDR, monita za ta ɗaga fitilar baya zuwa ƙarshe don ta iya kai nit 400 idan an buƙata, sai baƙin ya tashi zuwa 0.4, ya ninka fiye da sau uku, a ko'ina a allon, har da baƙaƙen layukan sama da ƙasan fim. Ga shi kuma yawancin hoton yana ƙasa da nit 203. Sakamakon shi ne an ɗaga ƙasa, ba a ƙara wani abin kirki a sama ba, domin daga 203 zuwa 400 bai kai ninki biyu ba. Babu wani saiti da zai gyara wannan. Allon VA, mai tazarar kusan 3,000 da 1, ya fi dama, baƙinsa a nit 400 yana kusan 0.13, amma shi ma ba zai iya sa tauraro ya yi ƙyalli sama ta zauna baƙa ƙirin ba. VESA ta tsaurara sharuɗɗan tambarin a 2024, sai dai monitocin da aka ba tambari kafin nan suna nan da yawa da nasu tsohon sharaɗin. Wasu suna da yankunan fitila takwas ko goma sha shida a gefen allo. Waɗannan kan haifar da dogon layin haske daga sama zuwa ƙasa duk inda wani abu mai haske ya gitta, kuma a ganina hakan ya fi rashinsu damun ido.

Ta biyu ita ce LCD mai ƙananan fitilu jere a bayan allon gaba ɗaya, wadda ake rubuta wa `Mini LED`, da yankuna irin su 576 ko 1,152, kowanne yana iya dushewa shi kaɗai. Irin wannan kan kai nit 1,000 ko fiye, kuma tana iya riƙe haske mai ƙarfi a babban ɓangaren allo. Daga 203 zuwa 1,000 kusan ninki biyar ne, nan ne ake ganin abin da ake nufi da HDR. Rauninta shi ne yankin ya fi ɗigo girma nesa ba kusa ba. Allon 2560×1440 yana da ɗigo 3,686,400, idan aka raba wa yankuna 1,152, kowane yanki yana ɗauke da ɗigo 3,200. Saboda haka farin rubutun fassara a kan baƙi, ko kibiyar linzami a shafi mai duhu, za su fito da zoben haske kewaye da su. A fim ba ya cika damuwa. A aikin rubutu kuwa yana gajiyar da ido. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan `Local Dimming`, saitin da ke dusar da kowane yanki shi kaɗai, yana kashe a menu, wannan monita mai tsada ta koma irin ta farko, sai ma ta fi ta koɗewa, domin fitilarta ta fi ƙarfi. Wasu monitocin suna ajiye wannan saitin daban ga SDR daban ga HDR, don haka a duba shi bayan an shiga HDR.

Ta uku OLED ce, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa, baƙi kuma kashewa ne ɗungurungum. Koɗewar baƙi ba matsalarta ba ce. Tata matsalar dushewa ce ta wani salo. Monitocin OLED da yawa suna kai nit 1,000 a ɗan ƙaramin fili, kashi 2 ko 3 cikin ɗari na allo, amma idan allon duka ya zama fari sai su sauko wajen nit 250, domin akwai tsarin da ke rage haske don kare allon daga zafi da yawan cin wuta. Shi ya sa da yawansu ke zuwa da yanayi biyu, ɗaya mai suna irin `True Black 400`, ɗayan kuma mai lamba 1000 a sunansa. Na 1000 ya fi kyau a wasa ko fim mai duhu da 'yan fitilu nan da can. A filin dusar ƙanƙara ko hamada da tsakar rana, a monitoci da dama shi ne ke fin dushewa, domin yana jan hoton duka ƙasa. Na 400 ba shi da ƙyalli mai ƙarfi, amma haskensa ba ya yawan hawa da sauka. Wanda ke barin HDR a kunne don aiki, na 400 ya fi masa sauƙi.

Kafin a zargi allo, a duba hanyar da sigina ta bi

Akwai koɗewar da ba ruwanta da irin allo. Ta farko rashin jituwa ce a kan iyakar lambobi. Kwamfuta tana ƙirga baƙi zuwa fari daga 0 zuwa 255, tsarin talabijin kuma daga 16 zuwa 235. Idan katin hoto ya ɗauki monitar a matsayin talabijin, abin da ya fi faruwa ta kebul ɗin HDMI, zai tura baƙi a matsayin 16, monita kuma ta nuna 16 a matsayin toka mai duhu. Alamarta ita ce koɗewar tana nan ko HDR yana kashe. A katin NVIDIA ana gyarawa a `NVIDIA Control Panel`, shafin `Change resolution`: a zaɓi `Use NVIDIA color settings`, a sa `Output color format` a `RGB`, `Output dynamic range` a `Full`, `Output color depth` a `10 bpc`, wato bit 10 ga kowane launi. A katin AMD sunan saitin `Pixel Format` ne, a zaɓi na RGB mai `Full`. Idan an juya kuskuren, wato kwamfuta na tura cikakke monita na jiran taƙaitacce, sai inuwa ta toshe ta zama baƙi ɗaya, a rasa abin da ke cikinta.

Idan `10 bpc` ya ƙi bayyana, kebul ko mashigarsa ce ta gaza. HDMI 2.0 yana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, wanda ya isa 4K a 60Hz da RGB mai bit 8, amma bai isa bit 10 ba. DisplayPort 1.4 yana kai 4K mai bit 10 zuwa wajen 98Hz ba tare da matse sigina ba, sama da haka sai da fasahar DSC. HDMI 2.1 yana iya kai gigabit 48. Ƙarancin bit ba ya koɗar da hoto, abin da yake yi shi ne sa sararin sama ya fito layi-layi maimakon ya sauya a hankali. Haɗarin shi ne direban katin hoto kan sauya zuwa `YCbCr422` don siginar ta shige, nan kuma gefen ƙananan haruffa ke yin datti, iyakar lambobi kuma ta koma taƙaitacciya. Ga kwamfutar da ake karatu da rubutu a kai, gara a rage Hz ko a koma DisplayPort.

Koɗewa ta biyu ita ce mafi muni a ido kuma mafi sauƙin ganewa: bidiyon HDR da aka buɗe a manhajar da ba ta san HDR ba ne. Tana karanta lambobin PQ kamar na SDR, tana karanta launukan BT.2020 na HDR kamar na Rec.709 na SDR, sai hoton ya fito fari-fari, ja ya koma ruwan ƙasa, kore ya mutu. Idan tebur ɗin Windows yana da kyau amma bidiyo ɗaya ne ya koɗe, laifin manhajar ne. Idan kuwa hoton ya fito da shunayya da kore inda bai kamata ba, to wani nau'in Dolby Vision ne da manhajar ba ta iya fassarawa.

Abin da Windows ke yi wa tebur

Da an kunna HDR, duk abin da ke allo, har da shafin yanar gizo da takardar rubutu, sai Windows ta juya shi zuwa siginar HDR. Dole ta yanke nit nawa farin SDR zai zama, kuma wannan shi ne aikin ma'aunin `SDR content brightness` da ke `Settings > System > Display > HDR`. Sifili yana nufin nit 80, ɗari yana nufin 480, kowane mataki nit 4:

```
nit = 80 + (4 × lamba)
```

Lamba 10 nit 120 ke nan, 30 kuma nit 200. Wannan ma'auni ba ya taɓa fim ko wasan da yake HDR na gaske.

Ko an daidaita shi, tebur zai ɗan bambanta da na SDR, saboda dalilai biyu. Monitoci da yawa suna iya nuna launuka masu faɗi fiye da sRGB, a SDR kuma suna miƙa launin sRGB ya cika wannan faɗin, sai ja ya yi jawur fiye da yadda aka yi shi. A HDR Windows tana mayar da launin wurinsa na asali, idon da ya saba da ƙari kuma sai ya ga an rage masa. Wannan ba lalacewa ba ce, bayan 'yan kwanaki ido kan saba. Dalili na biyu kuwa aibu ne na gaske. Yawancin monitoci a SDR suna bin `Gamma 2.2`, wata lanƙwasa ta yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari, amma Windows tana juya SDR zuwa HDR da lanƙwasar sRGB, wadda ke ɗaga wuraren da suka yi kusa da baƙi. Shi ya sa shafi mai duhu, ko tsohon wasan SDR mai kogo da dare, ke fitowa kamar an shafa masa hazo, har a OLED. Ja da ma'aunin haske ba ya kawar da shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai gyaran hoto ko mai kallon SDR da yawa ya ƙi barin HDR a kunne.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki monita mai inci 27, 2560×1440, IPS, `DisplayHDR 400`, wadda mai ita ke amfani da ita a nit 300. Ya kunna HDR, ma'aunin SDR yana kan 10. Farin shafinsa ya faɗo daga 300 zuwa 120, wannan ce dushewar. Fitilar baya ta tashi ƙarshe, baƙi ya koma 0.4. Tazarar da ke tsakanin farin shafi da baƙin rubutu ta zama 120 a raba da 0.4, wato 300 da 1, alhali a SDR 1,000 da 1 ce. Wannan ce koɗewar. Idan ya ja ma'aunin zuwa 55, fari ya dawo nit 300, tazara ta zama 750 da 1. An samu sauƙi, amma har yanzu bai kai SDR ba, fim ɗin HDR kuma bai canza ba ko kaɗan. Ga wannan monita, saitin da ya dace shi ne a kashe HDR. Manhajar bidiyo mai kyau za ta matse fim ɗin HDR zuwa SDR, kuma zai fi kyau a haka. Wasa ɗaya ko biyu masu hasken rana tun daga farko har ƙarshe na iya ɗan amfana, ana iya gwadawa, amma kada a sa rai.

A sauya ta da mai yankuna 1,152 da nit 1,000, sai aikin ya zama na daidaitawa. A bar monita ta yi kamar rabin awa a kunne, a mayar da hasken ɗaki yadda za a riƙa kallo. A menu ɗin monita a kunna `Local Dimming`, a zaɓi yanayin HDR mafi tsantseni, galibi mai sunan `DisplayHDR`, a kashe duk wani `Dynamic Contrast` ko mai ɗaga inuwa. A Windows 11 a sauke `Windows HDR Calibration` daga Microsoft Store. Tana nuna zane uku, a kowanne ana jan ma'auni har zanen ya ɓace cikin bayansa: na farko don mafi ƙarancin haske, na biyu don mafi yawan haske a ƙaramin fili, na uku don mafi yawan haske a allo duka. A OLED na farkon sifili ne. Ma'aunin cikar launi da ke ƙarshe a bar shi a ƙasa, domin ɗaga shi yana sa fatar mutane ta yi ja. Sannan a buɗe `Advanced display` a ga lambar `Peak brightness` ta yi kusa da abin da monitar ke iyawa.

Akwai tarko a zane na biyu. Idan monitar nit 1,000 ce amma zanen bai ɓace ba sai a 2,000 ko sama, monitar ce ke matse haske da kanta. In aka amince da wannan lamba, wasa zai matse sau ɗaya, monita ta sake matsewa, tsakiyar hoto ta dushe. A nemi yanayi mai suna `HGiG` idan akwai, wanda ke hana monita yin nata matsin, in babu a sa lambar da kamfanin ya rubuta a takardar monitar. Kuskuren ɗaya ɓangaren shi ne lambar ta wuce ƙarfin allon da ba ya matsewa, sai girgije da fitilu su zama farin faci babu zane a ciki.

A cikin wasa ana samun ma'auni biyu. Na ƙololuwar haske a sa masa lambar da aka samu a sama. Na farin takarda, mai suna irin `Paper White`, a fara da 200 a ɗaki mai duhu, a ɗaga zuwa 250 ko 300 idan akwai hasken rana. Duk abin da aka ƙara masa daga rabon ƙyalli ake cire shi: a monita mai 1,000, fari 200 ya bar ninki biyar, fari 400 ya bar biyu da rabi.

Tsakanin kunnawa sai da dalili da barin sa a kunne, ga masu irin ta biyu da ta uku na fi karkata ga na farko. `Win + Alt + B` yana kunnawa yana kashewa, allo ya yi baƙi na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo. A kunna kafin a buɗe wasan, domin da yawansu a lokacin buɗewa kaɗai suke duba ko akwai HDR. Ribar ita ce SDR ya zauna da inuwarsa daidai, mai `Mini LED` ya huta da zoben haske a shafin rubutu, mai OLED kuma ya rage barin fari mai ƙarfi a wuri ɗaya na awoyi, abin da ke gaggauta tabon hoto a allo. Barin sa a kunne ya dace da kwamfutar da kusan aikinta duka fim da wasan HDR ne, ko mai yawan shiga bidiyon HDR a burauza wanda ba ya son ya riƙa tunawa da maɓalli. Shi sai ya ajiye `SDR content brightness` tsakanin 10 da 15 da dare, wajen 30 da rana, ya kuma sake yin aikin `Windows HDR Calibration` duk lokacin da ya sauya yanayin HDR a menu ɗin monita, domin lambobin da aka auna a yanayin 400 ba su dace da na 1000 ba.